Yadda ake rarraba cizon haƙora aji uku ta hanyar duban turmin farko

Idan aka kawo yaro gidan likita a Yamai ko a Tawa ana cewa haƙoransa sun turo waje, ko haɓarsa ta yi gaba, ido yakan fara sauka ne a kan haƙoran gaba, domin su ne kowa ke gani, su ne kuma uwa ke nunawa da yatsa. Amma ajin cizo daga baya ake karanta shi, can cikin kunci, wurin da turmin farko na sama ke haɗuwa da na ƙasa. Likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, shi ya kafa wannan tsari a 1899, kuma har yau da shi ake rubutu a karnen majiyyaci: aji I, aji II, aji III. Aikin bai wuce minti biyar ba, kayan da yake buƙata kuma kaɗan ne: safar hannu, madubin baki ko ɗan katakon danne harshe, fitila mai haske ko tocila, da ƙaramin ma'auni mai layukan milimita.

Gane turmin da ake nufi

Turmin da ake magana shi ne turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa wajen shekara 6, bayan duk haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa haƙorin nono ne, su bar shi ya ruɓe suna jiran famfara. A lambobin da likitoci ke amfani da su, na sama su ne 16 a dama da 26 a hagu, na ƙasa kuma 46 a dama da 36 a hagu. Idan ka ƙirga daga tsakiyar baki zuwa baya, shi ne na shida. Ka ƙirga ɗin kuwa, kada ka yi kintace, saboda a bakin da aka taɓa cire haƙori, turmi na biyu yakan matso ya zauna wurin na farko, ya yi kama da shi.

Abu biyu kaɗai za ka nema. A turmin sama, ta gefen kunci, akwai tsini biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Na gaban shi ne alamarka ta farko. A turmin ƙasa, ta gefen kuncin dai, akwai tsagi da ya sauko daga saman haƙorin ya raba tsinin gaba da na bayansa. Shi ne alama ta biyu. A nan akwai tarko: turmin farko na ƙasa yawanci tsini biyar gare shi, uku daga ciki ta gefen kunci suke, don haka tsagi biyu ne ke nan. Na gaba ake so, shi ya fi tsawo, sau da yawa ma yakan ƙare da ɗan rami. Wanda ya ɗauki tsagin baya zai ɗauki cizon aji III a matsayin aji I. Ɗalibi mai koyo zai iya shanya haƙoran da auduga ya ɗiga alama da fensir a kan tsinin da kan tsagin. A kan samfurin haƙora na filasta ma haka ake yi, kuma ya fi sauƙi.

Samun cizo na gaskiya

Wannan mataki shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma ba laifin ido ba ne. Ka ce wa yaro «cije», abin da zai yi shi ne ya turo haɓa gaba ya haɗa haƙoran gaba baki da baki, kamar mai ɗaukar hoto. Idan ka karanta turame a haka, duk abin da ka rubuta ƙarya ne.

Zaunar da shi kai a miƙe, jingine, ba a ɗage ba kuma ba a sunkuye ba. Ce masa ya buɗe baki kaɗan, ya kai kan harshensa can bayan ganda, sannan ya rufe a hankali har haƙoran baya su haɗu. Wata dabarar ita ce ka ce ya haɗiyi miyau ya bar haƙoran yadda suka haɗu. Ga ƙananan yara, ɗora yatsunka biyu a kan turamen ƙasa ta gefen kunci, ka ce: «Ɗana, cije a nan inda yatsuna suke», ka janye su yayin da yake rufewa. A maimaita sau uku. In duk sau ukun haƙoran wuri ɗaya suke sauka, ka samu cizon da ya saba. In suna canja wuri, kada ka rubuta komai tukuna, ka bar shi ya huta, ka yi masa hira, ka sake.

Akwai kuma masu turo haɓa da gangan, musamman ƴan mata da samari masu aji II da suka gane cewa hakan na rage fitowar haƙoransu. Sun saba har ba su san suna yi ba. Alamarsu ita ce turamen ba sa zama daram cikin juna, kuma idan ka riƙe haɓa da babban yatsa da manuni ka lallaɓa ta baya, ba da ƙarfi ba, za ka ji ta koma milimita uku ko huɗu.

Bayan cizo ya zauna, ja kunci baya da madubi har turmin ya bayyana gaba ɗaya, ka kawo idonka daidai da shi ta gefe. Kada ka leƙa daga gaban baki. Dalili shi ne tsinin sama ya fi kusa da kunci, ya rufa kan na ƙasa, don haka idan ka duba shi a karkace daga gaba zai yi kamar ya fi baya fiye da inda yake. Ta haka ne rabin aji II ke komawa aji I a idon mai gaggawa. Hotunan waya da iyaye ke turowa kusan duk wannan aibi gare su, ba a yanke aji da su.

Aji na ɗaya

Tsinin gaba na turmin sama ya faɗa cikin tsagin gaba na turmin ƙasa. Wato turmin ƙasa yana gaban na sama da kimanin rabin tsini, haka kuma ya kamata ya kasance. Aji I ba ya nufin baki lafiya lau. Yana nufin turame suna inda ya dace, matsalar tana wani wuri: cunkoso, ko tazara, ko haƙori ya juya, ko cizon gaba a buɗe. Misali, yarinya mai shekara 14, turame daidai dama da hagu, amma fiƙoƙinta na sama sun fito can saman dasashi don babu wuri, haƙoran gaba na ƙasa kuma sun hau juna. Wannan aji I ne mai cunkoso. Wushirya kuwa, in turame da sauran haƙora daidai suke, a likitance tazara ce a aji I, a wurinmu kuma ado ce, ba wanda za a matsa wa ya rufe ta.

Haka nan ana yawan ganin bakin da haƙoran gaba na sama da na ƙasa duka suka turo tare, leɓɓa suka cika, alhali turame aji I ne sak. Iyaye kan ce haƙora sun fito waje, wanda bai duba baya ba sai ya rubuta aji II. Ka auna tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa, za ka tarar milimita 2 ko 3 ce kawai.

Aji na biyu

Turmin ƙasa ya koma baya, don haka tsinin sama ya sauka gaban tsagin. Idan ya tsaya a kan tsinin gaba na turmin ƙasa, tsini kan tsini, ana ce masa rabin aji II, kimanin milimita 3 zuwa 4 ke nan. Idan ya wuce har ya faɗa tsakanin turmin ƙasa da ƙaramin turmin da ke gabansa, ya cika, kimanin milimita 7, faɗin ƙaramin turmi ɗaya. Rubuta ko rabi ne ko cikakke, domin magani ya bambanta.

Sai ka dawo gaba, saboda aji II kashi biyu ne, kuma haƙoran gaba na sama ne ke raba su. A kashi na 1 sun kwanta zuwa waje, tazara tsakaninsu da na ƙasa ta yi yawa. Ana auna ta da baki a cije: ɗora kan ma'aunin a fuskar haƙorin gaba na ƙasa, a kwance, ka karanta inda bakin haƙorin sama ya tsaya. Milimita 2 zuwa 3 shi ne daidai. Ɗauki yaro mai shekara 11 da ke aji na ƙarshe a lakwal ta firamare, har yanzu yana tsotson yatsa da dare. Cizon farko ya ba da milimita 5. Bayan an sa shi ya haɗiyi miyau sau uku, ya zama 9, turame cikakken aji II dama da hagu, leɓen ƙasa yana kwanciya bayan haƙoran sama, baki ba ya rufuwa sai da yunƙuri. Tara ɗin za a rubuta. Irin wannan yaro kada a yi jinkirin tura shi wurin mai gyaran jerin haƙora, don haƙoran da suka fito haka ba su da kariyar leɓe, faɗuwa ɗaya a filin ƙwallo ko daga kan keke ta isa ta karya su.

A kashi na 2 turamen dai aji II ne, amma manyan haƙoran gaba biyu na sama sun kwanta zuwa ciki, na gefensu kuma sau da yawa sun ɗago waje sun ɗan hau su. Tazara ba ta da yawa, shi ya sa ake wuce shi ba a lura ba. Abin da ke tona shi shi ne zurfin cizo: na sama sun rufe na ƙasa kusan duka, maimakon kashi ɗaya cikin uku. Duba dasashin da ke bayan haƙoran sama da wanda ke gaban na ƙasa, ko akwai gurbin haƙori ko miki.

In gefe ɗaya ne kawai aji II, ɗayan kuma aji I, ana rubuta aji II na ɓangare ɗaya, a faɗi wane ɓangare. Kafin ka rubuta haka dai, karanta abin da ke tafe a kan turmin da ya gusa.

Aji na uku

Turmin ƙasa ya yi gaba, tsinin sama ya sauka bayan tsagin. In ya cika, yana faɗawa tsakanin turmin farko da na biyu na ƙasa. A gaba kuma haƙoran sun haɗu baki da baki, ko na ƙasa sun sha gaban na sama, sai a rubuta tazarar da alamar ragi, misali -2.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce: na gaskiya ne ko na zamewa? Ga yarinya mai shekara 9, manyan haƙoranta biyu na sama sun fito a bayan na ƙasa, haɓa kamar ta yi gaba, turame sun ɗan karkata zuwa aji III. Riƙe haɓar, ka lallaɓa ta baya, ka sa ta rufe a hankali, ka tsaya daidai lokacin da haƙora suka fara taɓa juna. Idan na gaba sun haɗu baki da baki, na baya kuma ba su taɓa ba, sannan muƙamuƙin ya zame gaba milimita 2 ko 3 don turame su samu haɗuwa, to na zamewa ne. Duba turamen a wurin taɓawar farko, za ka ga aji I ne ko kusa da shi. Ƙashin lafiya yake, haƙori biyu ne suka tare hanya, kuma tura su gaba da ƙaramar na'ura ta baki cikin ƴan watanni yakan warware matsalar. Barinta kuwa na sa bakin haƙoran ya cinye, dasashin na ƙasa ya janye.

A na gaskiya, duk yadda ka lallaɓa haɓa baya, na ƙasa suna nan gaban na sama, ba zamewa. Sau da yawa haƙoran gaba na ƙasa sun kwanta ciki, na sama sun kwanta waje, kamar suna neman cim ma juna. Dubi fuska ta gefe, dubi uwa ko uban da ya rako, ka tambaya: «Hajiya, a danginku ko na babanta akwai mai irin wannan haɓa?» Yana bin jini. Kuma yana ƙaruwa lokacin balaga, domin muƙamuƙin ƙasa na ci gaba da girma bayan na sama ya tsaya, musamman ga maza. Kada ka ce wa iyaye yaro zai girma ya gyaru da kansa.

Lokacin da turmi ke yaudara

Angle ya ɗauka turmin farko na sama ba ya barin wurinsa. Yana bari. Da zarar haƙorin gabansa ya tafi, sai ya matso, kuma a wurarenmu inda haƙorin nono da ya ruɓe cire shi ake yi, wannan ba baƙon abu ba ne.

Ga yadda ake warware shi. Yaro mai shekara 13, an kawo shi saboda wani haƙori ya ɓullo ta ganda a dama. An samu cizo na gaskiya sau uku. A hagu, 26 da 36 aji I ne. A dama, tsinin 16 yana kan tsinin gaba na 46, har ya ɗan wuce, wato rabin aji II ko fiye. Mai gaggawa zai rubuta aji II na ɓangaren dama ya rufe karne. Kai ka fara da ƙirga haƙora. A sama ta dama akwai 14, wato ƙaramin turmi na farko, sai ɗan giɓi, sai 16, shi kuma 15, ƙaramin turmi na biyu, shi ne wanda ya fito ta ganda. Tambayi uban: «Malam, an taɓa cire masa haƙori yana ƙarami?» Ya ce an cire na sama a dama yana da shekara 7, da ya kumbura. Turmin nono na biyu ke nan, wanda aikinsa ya riƙe wa 15 wuri har zuwa shekara 10 ko 12.

Yanzu auna. Tsakanin 14 da 16 milimita 3 ne suka rage. Ɗan'uwan 15 na hagu, wato 25, faɗinsa milimita 7. Ke nan wuri ya ragu da 4. Kalli 16 daga sama da madubi: ya sunkuyo gaba, kuma ya juya, tsininsa na gefen kunci ya karkata zuwa gaba da ciki, abin da ke ƙara masa kamannin aji II. Mayar da shi baya milimita 4 a ranka, tsinin zai faɗa cikin tsagi.

Sai ka nemi shaidu daga wasu wuraren. Fiƙa ce ta farko: a aji I, tsinin fiƙar sama yana sauka tsakanin fiƙar ƙasa da ƙaramin turmin farko na ƙasa. In ya yi gaba, aji II ne, in ya yi baya, aji III. A wannan yaro fiƙoƙi aji I ne dama da hagu. Tazarar gaba milimita 3. Layin tsakiya na sama da na ƙasa sun dace. Fuska ta gefe daidai. Abin da za a rubuta shi ne: aji I, tare da gusawar 16 gaba da milimita 4 bayan cire turmin nono da wuri, 15 ya rasa wuri. Maganinsa mayar da turmi ɗaya baya ne a buɗe wa 15 hanya, ko a yanke shawarar cire ɗaya, ba aikin muƙamuƙi ba ne ko kaɗan.

Juya misalin ƙasa, sakamakon ya juya: in turmin nono na biyu na ƙasa ne ya tafi da wuri, 36 ko 46 zai matso gaba ya yi kama da aji III. In kuma turmin farkon kansa ne babu, kamar yadda ake gani ga manya da yawa, kada ka karanta da na biyu da ya kwanto cikin giɓin. Rubuta cewa ba a iya karanta turmi a wannan gefe ba, ka dogara da fiƙa.

Yara tsakanin shekara 6 da 11 su ma suna da nasu. Muddin turamen nono na biyu suna baki, samun turamen dindindin tsini kan tsini abu ne da aka saba gani, kuma da yawa suna komawa aji I da kansu. Dalili shi ne turamen nono sun fi ƙananan turamen da za su maye gurbinsu faɗi, kuma rarar ta fi yawa a ƙasa da kimanin milimita ɗaya kowane gefe, ga kuma girman muƙamuƙin ƙasa. Idan suka faɗi, turmin ƙasa ya fi na sama matsowa gaba. Saboda haka yaro mai shekara 8 da tsini kan tsini, tazarar gaba 3, ba a sa masa sunan aji II, a dai sake duba shi bayan wata shida zuwa shekara. Amma in ya riga ya zama cikakken aji II a wannan shekaru, ba ya gyaruwa da jira.

Abin da ajin bai faɗa ba, da yadda ake rubutawa

Tsarin Angle gaba da baya kawai yake aunawa. Bai ce komai ba a kan cizon da ya buɗe ko ya yi zurfi, bai ce komai ba a kan muƙamuƙin sama da ya ƙuntata har turamensa suka faɗa cikin na ƙasa. Bai kuma nuna ko laifin na haƙori ne ko na ƙashi ba, ko kuwa na sama ne ya yi gaba ko na ƙasa ne ya yi baya. Wannan sai duban fuska ta gefe, da hoton radiyo na kai ta gefe, wanda mai gyaran jerin haƙora zai nema idan ya ga buƙata. Ma'aikacin da ke ƙaramin gidan likita a cikin jihar Tawa ba ya buƙatar radiyo kafin ya tura yaro, yana buƙatar rubutu mai ma'ana ne kawai, don wanda zai karɓa a Yamai ya san ko tafiyar ta gaggawa ce.

Kalmar «aji II» ita kaɗai ba ta isa ba. A rubuta shekaru, da ko akwai sauran haƙoran nono. A rubuta turmi dama da hagu kowanne daban, rabi ko cikakke, sai fiƙa dama da hagu. A sa tazarar gaba da zurfin cizo da milimita, a faɗi ko layin tsakiya ya kauce da ta wane gefe, ko muƙamuƙi na zamewa wajen rufewa, da haƙoran da babu. Na yaron nan mai tsotson yatsa zai zama haka: shekara 11, sauran turamen nono biyu a sama, turmi cikakken aji II dama da hagu, fiƙoƙin sama ba su gama fitowa ba, kashi na 1, tazarar gaba milimita 9, yana turo haɓa idan aka ce ya cije, leɓen ƙasa na shiga bayan haƙoran sama, yana tsotson yatsa da dare.